Jaka 76 da rabi sun yi ɓatan dabo: yadda jadawali ya wanke ma'ajin ƙungiya

A zauren WhatsApp na ƙungiyar ƴan garinmu, wani ƙauye da ke yankin Tasawa, hotuna 46 suka taru cikin mako uku. Kowane hoto shaida ce ta kuɗin da wani ya tura ta salula domin gyaran famfon garin, wanda mai gyara ya yanke wa jaka 600. Masu turawa suna Yamai, Agadas, Arlit, har da Kwatano da Abijan. Wani matashi ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa, ya sanar cewa an tara jaka 615. Ma'aji, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, ya ce abin da ke hannunsa jaka 538 ne da dala ɗari. Kafin la'asar an fara habaici a zauren, kuma dattijon ya ce zai ajiye aikin.

Ni aka ɗora wa binciken, saboda ina da kwamfuta. Abin da ya biyo baya zai amfani duk mai riƙe da kuɗin adashe, gudummawar biki ko cinikin da ake biya ta Airtel Money, Moov Money, Zamani Cash, Nita ko Amana. Hoton da aka turo maka magana ce ta mai turawa. Kuɗin kuwa suna cikin asusun mai karɓa, kuma jadawali ne ke haɗa su fuska da fuska.

Hoto ɗaya, layi ɗaya

Da farko na kwashe hotunan duka zuwa wuri guda, na ba kowanne lamba daga 1 zuwa 46. Sannan na buɗe Excel, na ware wa kowane hoto layinsa. Jerin farko, wato A, lambar hoton ce, domin in gardama ta taso a koma kansa kai tsaye. B kwanan wata da lokaci. C sunan da ya fito a hoton. D sunan wanda gudummawar take tasa. E adadin da aka tura. F ladan aikawa da kamfani ya caje. G lambar shaida, wadda ke fitowa a allo da suna irin Référence ko ID transaction. H na bar shi babu komai tukuna.

Raba C da D ya zama dole, domin mutane da dama ba su tura da wayarsu. Suna zuwa shagon wakili su ba shi tsabar kuɗi, sai sunan shagon ya fito. A namu lissafin, sunan wani shago na Arlit ya fito sau biyar, kuma mutum biyar ne daban.

Raba E da F shi ma haka. Wani hoton ya nuna adadi 10 000, lada 100, jimilla 10 100. Abin da ya shiga asusun ma'aji 10 000 ne. Ɗarin ta tafi wurin kamfani. Lada yana bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma yana bin yawan kuɗin, don haka ba a ƙiyasta shi, abin da ke rubuce ake kwafa. Sannan komai da faran ake shigarwa. Wanda ya ce maka a saƙon murya ya tura dala dubu, faran 5000 yake nufi, kuma in ka rubuta 1000 ka ci masa jaka huɗu a takarda.

Inda na'ura ke yaudara

Ana iya rage wahalar bugawa da Google Lens, wanda ke karanta rubutun cikin hoto a kwafe shi. Yana taimakawa wajen sunaye, amma a lambar shaida sai an sa ido. Yakan rikita harafin O da sifili, I da 1, S da 5, B da 8. Abin ya fi muni idan hoton ya dushe, domin WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kyau, wani kuma ba hoton allo yake ɗauka ba, wayar ce yake ɗauka da wata wayar. Duk lambar da na'urar ta karanta, na sake duba ta da idona.

Tarko na biyu yana wajen adadi. Saƙonninmu kan rubuta dubu ashirin da biyar da tazara, 25 000, ko da ɗigo, 25.000. Gwargwadon harshen da aka saita kwamfuta a kai, Excel na iya ɗaukar wannan a matsayin rubutu, ko ya mai da shi 25 kacal. Alamar a fili take: in ba a taɓa saitin gidan ba, adadi na manne wa gefen dama, rubutu kuma gefen hagu, kuma jimilla tana tsallake rubutu ba tare da gargaɗi ba. Maganinsa a buga 25000 a haɗe.

Na uku ya shafi lambar shaidar kanta. Idan alƙaluma ne zalla, Excel yana zubar da sifilin farko, kuma ba ya riƙe fiye da alƙaluma 15. Abin da ya wuce sai ya koma sifili. Lambobi biyu mabambanta na iya zama iri ɗaya ta haka. Na saita jerin G a kan Texte tun kafin in fara bugawa, kuma duk lambar da ba ta da harafi na sa mata R a gaba, domin dabarar ƙirga ma ta ɗauke ta rubutu.

Lambar da ba ta maimaita kanta

Suna na iya maimaituwa, adadi ma haka. Mutum bakwai sun tura jaka goma-goma. Abin da bai kamata ya fito sau biyu ba shi ne lambar shaida, domin kamfani kan ba kowace hulɗa tata. A jeri na I na sa wannan dabara, na ja ta har ƙasa:

```
=NB.SI(G:G;G2)
```

Wannan na Excel na Faransanci ne. A na Ingilishi sunanta COUNTIF, da waƙafi a maimakon alamar da ke tsakiya. Tana faɗin sau nawa lambar layin ta fito. Duk inda ta nuna 2, akwai magana.

Layi huɗu suka nuna 2, wato biya biyu da aka ƙirga sau bibbiyu. Na farko jaka 25 ne: mai shi ya sa hoton a zaure, bayan kwana huɗu ƙaninsa ya sake turo shi don tunatarwa. Na biyu jaka 10 ne, kuma ido ba zai kama shi da sauƙi ba, domin hoto ɗaya na manhaja ne mai launi, ɗayan kuma na gajeren saƙon da ya biyo baya. Kamanninsu daban, lambarsu ɗaya. Jaka 35 ke nan suka fita daga giɓin.

Wani layin kuma gidansa na G ya zauna fanko. Da na koma hoto na 31, sai na ga shafin da ke neman a tabbatar da turawa ne, kafin a buga lambar sirri. Akwai suna, akwai jaka 20, amma babu lambar shaida, domin kuɗin ba su tashi ba. Mai shi ya duba wayarsa a Yamai ya tarar da su kwance.

Zama da wayar ma'aji

Har yanzu jadawalin bai wuce abin da masu turawa suka faɗa ba. Sai na je Tasawa, muka zauna da Malam a zaurensa da wayarsa. Yana karanto saƙonnin shigowar kuɗi, ina neman kowanne a jadawali, in na same shi in rubuta «ya shiga» a jerin H. Inda lambar da ke wajensa ta bambanta da ta mai turawa, kamar kuɗin da suka zo daga waje ko daga wani kamfani, mun haɗa da adadi da rana da lokaci. Waɗanda ya karɓo a ofishin aika kuɗi kuma muka bi takardunsu.

Layi ɗaya ya ƙi samuwa: jaka 15, da lambar shaida lafiyayya. Da muka ƙara girman hoton, sai ga dalili. Cikin alƙaluma takwas na lambar Malam, mai turawa ya juya biyu na ƙarshe, kuɗin suka faɗa wayar wani baƙo. Hoton gaskiya ne, amma ba shaidar shigar kuɗi wurinmu ba ne. Haka nan hoton da aka yi wa kwaskwarima zai faɗi a wannan mataki, komai kyansa.

Daga nan jimillar ta zama ta layukan da aka tabbatar kaɗai:

```
=SOMME.SI(H:H;"ya shiga";E:E)
```

Ta ba da 545000, daga biya 42. Saura jaka 6 da dala ɗari tsakanin wannan da abin da ke hannun Malam. Wannan ba ya cikin hoton kowa, domin ladan cirewa ne. Sau uku ya je wurin wakili ya ciro tsabar kuɗi, kowane zuwa aka yanke masa. Na buɗe shafi na biyu don fitar kuɗi, da rana da adadi da lada da lambar shaida, suka haɗu 6500. Jaka 35, da 20, da 15, da 6 da rabi: 76 da rabi cif.

Abin da ake nuna wa jama'a

Ban saka jadawalin gaba ɗaya a zaure ba. Hotunan nan na ɗauke da lambobin waya, wasu har da ragowar kuɗin da ke asusun mutum, kuma takardar aike ta ofis kan ɗauki lambar da ake karɓar kuɗi da ita, wadda bai kamata ta yawata ba kafin a karɓa. Nijar na da hukumar kare bayanan mutane, HAPDP, amma kafin a kai ga hukuma, ma'aji ne ke riƙe da amanar. Suna da adadi da alƙaluma huɗu na ƙarshen lambar shaida kawai na fitar, sun ishi kowa ya gane biyansa.

Ƙungiyar ta ɗauki sabuwar ƙa'ida. Ana tura hoto ga ma'aji shi kaɗai, cikakke, ba a yanke ƙasansa ba. Ana cika jadawali kowace Juma'a, tun saƙonni ba su nutse a waya ba. Ba a sanar da sunan kowa sai an rubuta masa «ya shiga». Kuma duk kasafi na gaba zai haɗa da ladan cirewa.

Mai jaka 20 ya sake turawa a daren. Mai jaka 15 ya kai lambar shaidarsa ofishin kamfanin, ana bin sawu. Matashin da ya fara lissafi ya kira Malam ya ba shi haƙuri, kuma shi ne yanzu ke buga jadawalin. Famfon dai bai tashi ba tukuna: da jaka 558 da rabi a hannu, saura 41 da rabi a cika wa mai gyara.