Ina Kwabo Ɗaya Ya Shiga a Takardar Albashi?

Duk ƙarshen wata, a ofishin kuɗi ba a rasa ma'aikaci ɗaya da zai shigo da takardar albashinsa a hannun dama, kalkuleta a hagu, yana cewa lissafi bai cika ba. Sau da yawa abin da ya ɓata kwabo ɗaya ne, ko biyu. Rabon da a ga an sayi wani abu da kwabo a kasuwa an daɗe, amma mutumin yana da hujja: in an iya kuskuren kwabo, me zai hana a yi na dubu? Sai dai wannan kwabon galibi ba kuskure ba ne, ba kuma akanta ne ya soke shi a aljihu ba.

Tushen abin shi ne naira ɗaya kwabo 100 ce, kuma banki ba ya tura abin da bai kai kwabo ba. Shi kuwa lissafi ba ruwansa da wannan iyaka. Ka raba naira miliyan ɗaya gida 12, za ka sami 83,333.3333, ukun ta yi ta jeruwa ba ƙarshe. Dole a tsaya a lamba ta biyu bayan ɗigo. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a dubi gutsuren da ya rage: in ya kai rabin kwabo a cike shi ya zama kwabo guda, in bai kai ba a zubar.

Mu ɗauki wata ma'aikaciya a wani kamfani a Kano. Ainihin albashinta naira 1,000,000 ne a shekara, kuɗin gida 500,000, kuɗin mota 250,000. A wata guda ainihin albashi ya zama 83,333.33, jimillar ukun kuma 145,833.33.

Daga nan sai a fara cira. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa ma'aikaci aƙalla kashi 8 cikin 100 na waɗannan ukun a haɗe, wato 11,666.6664, a cike ya zama 11,666.67. Tana cikin Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda takarda ke nunawa da NHF, kashi 2.5 na ainihin albashinta shi ne 2,083.33325, a zubar da gutsure ya koma 2,083.33. Mu ƙaddara ƙungiyarsu ta ma'aikata na karɓar kashi 1 na ainihin albashi, ya zama 833.33, harajinta na shekara kuma, wanda ake rubutawa PAYE, mu ce 118,000 ne, wanda a wata ya zama 9,833.33. Waɗannan biyun ma an zubar musu da kusan sulusin kwabo kowanne.

Tara layukan huɗu yadda suke a takarda, za ka sami 24,416.66. Abin da zai shiga asusunta 121,416.67 ke nan. Amma in ita ta zauna a gida ta tara lambobin da jelarsu, ba ta cike komai ba sai a ƙarshe, za ta sami 24,416.6663, ta cike ya zama 24,416.67. Ga kwabon nan ya fito. Layi ɗaya aka cike sama da kusan sulusin kwabo, layi uku aka rage musu kusan sulusi-sulusi, shi ya sa ragin ya rinjayi ƙarin. A wannan watan ma ita ce ta ci ribar kwabon.

To me zai hana a bi hanyarta, a tara duka sannan a cike sau ɗaya? Ai ita ce ta fi kusa da lissafi na ainihi. Dalili shi ne kuɗin nan huɗu ba tukunya ɗaya suke shiga ba. Haraji hukumar tara kuɗin shiga ta jiha ake kai wa. Fansho yana tafiya asusun ajiyar ritaya da ke ɗauke da sunanta da lambarta. Kuɗin gidaje na zuwa bankin lamunin gidaje na tarayya, na ƙungiya kuma ma'ajin ƙungiya ke jira. Kowane layi biya ne mai zaman kansa, da mai karɓa daban da ranar biya daban. Mai kula da fansho ba zai rubuta mata 11,666.6664 ba, dole a ba shi lambar da banki zai iya turawa. Kuma in ta ga 11,666.67 a takardarta, lambar da ya kamata ta tarar ke nan a bayanin asusun fanshonta, bayan an ware kason da kamfani ya zuba.

Akwai kuma ɓangaren kamfani. Akanta yana aika jadawalin sunayen ma'aikata da abin da aka cire wa kowa, tare da kuɗin a dunƙule. Jimillar da aka biya dole ta yi daidai da sunayen in an tara su ɗaya bayan ɗaya. A kamfani mai mutum 500, in ya ɗauki kashi 8 na albashin kowa da kowa a haɗe, zai iya saɓa wa jadawalin da 'yan kwabbai ko naira guda, kuma wannan kaɗai ya isa a yini ana neman inda lissafi ya goce.

Gutsuren yana kuma taruwa a shekara. Ainihin albashin 83,333.33 sau 12 ya ba da 999,999.96, saura kwabo 4 ya cika miliyan. Fansho kuwa ya haura 140,000 da kwabo 4. Wasu manhajojin albashi sukan bi jimillar shekara wata bayan wata, su maido da abin da ya taru, shi ya sa wani lokaci za ka ga layi guda ya motsa da 'yan kwabbai a Disamba alhali ba a ƙara maka komai ba.

A ganina, matsalar da ta cancanci ƙorafi ita ce takardar da ba ta haɗu da kanta ba. Wannan yakan faru a ƙananan ofisoshi masu haɗa albashi a Excel. Sai a sa ɗakin lamba ya nuna wuri biyu bayan ɗigo, a ɗauka an cike, alhali jelar tana nan a ɓoye. Layuka huɗu za su bayyana yadda muka gani, amma jimilla a ƙasa ta nuna 24,416.67. Maganinsa a cike kowane layi da gaske, sannan a tara:

```
=ROUND(B2*8%,2)
```

Ma'aikaci na iya gane iyakar abin da kansa. Cikon layi ɗaya ba ya wuce rabin kwabo, don haka layi huɗu ba za su haifar da giɓin da ya fi kwabo 2 ba. In ofishinku naira cikakkiya yake cikewa, iyakar kwabo 50 ce a kowane layi, wato naira 2 a layi huɗu. A Jamhuriyar Nijar, inda ake tsayawa a kan sefa cikakkiya, ma'aunin rabin sefa ne a layi.

In giɓin ya zarce haka, a daina zargin ciko, a dubi kan me aka ɗora kason. Da an lissafa fanshon ma'aikaciyar nan a kan ainihin albashi kaɗai, aka manta kuɗin gida da na mota, 6,666.67 za a cire maimakon 11,666.67. Bambancin naira 5,000 ne cif a kowane wata. Albashin da take karɓa zai ƙaru har ta yi murna, asusun ritayarta kuwa yana tawaya, kuma in kamfani ya lissafa nasa kashi 10 a kan wannan gurguwar lamba, an sake rage mata 6,250.