Rubutun Baba ne, amma kotu ba za ta zartar ba

Akwai wasiƙar da lauya ba ya son rubutawa, ita ce wadda zai shaida wa mutanen da ba su gama karɓar gaisuwa ba cewa takardar da suka tsinta a akwatin mahaifinsu ba za ta yi aiki a kotu ba. A ƙasar noma irin Gozaki ta Ƙaramar Hukumar Kafur a Jihar Katsina, inda gona ce dukiyar gida, wannan magana tana da nauyi.

Mu ɗauki misali. Manomi ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu da mata uku, iyayensa kuma sun riga shi. Bayan likkafani da biyan bashi, an yi wa gona da gida da buhunan masara kuɗi naira 9,600,000. A takardar ya rubuta da ajami cewa babban ɗansa ya riƙe gonar fadama mai darajar 4,000,000, a kuma ba jikansa maraya 1,000,000. Babu shaida ko ɗaya a jiki.

Lauyan kirki yana farawa da ta'aziyya, sannan ya cire zargi: ba wanda ya ce takardar ta jabu ce. Ko da dukan gari sun gane rubutun marigayin, matsalar tana nan. Kotunan shari'a na Katsina mazhabar Malikiyya suke bi, kuma Mukhtasar na Shaihu Halilu, malamin Masar na ƙarni na 14, ya yi hukunci a kan haka kai tsaye. Wasiyyar da aka tabbatar rubutun mamaci ce ba ta zartuwa, muddin bai kafa mata shaidu ba, bai kuma umarci a zartar da ita ba. Dalilin yana da ƙarfi. Mai wasiyya yana da ikon janye ta har ranar mutuwarsa. Mutum kan rubuta abu cikin fushi ko lokacin jinya, ya warke ya sake shawara, takardar kuwa tana akwati. Rubutu yana nuna abin da ya taɓa rayawa, shaidu ne ke nuna abin da ya tsaya a kai.

Shi ya sa wasiƙar take tambayar magada: Baba ya taɓa kiran liman ko maƙwabta ya ce musu ga wasiyyata, ku shaida? In an samu adilai biyu da suka ji haka, ko da baki ya faɗa, zance ya canza.

Sai dai ko da shaidu, gonar ba za ta tafi ga babban ɗa ta wannan hanya ba, domin ba a yi wa magaji wasiyya sai da yardar sauran magada. In ya ce kyauta ce, za a nemi hujjar cewa ya karɓi gonar ta koma hannunsa tun mahaifin yana da rai da lafiya. Yin noma tare da uba ba karɓa ba ne. Zuwa Babbar Kotu ma ba zai ceci takardar ba, don dokar wasiyya ta Ingila ta 1837, wadda dokokin boko na Najeriya suka gada, tana neman shaidu biyu da suke wuri guda lokacin sa hannu. Sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 kuwa ya sa wasiyya da gadon Musulmi cikin abubuwan da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a take saurare.

Don haka rabo zai bi fara'ili. Matar tana da tumuni, 1,200,000. Ragowar 8,400,000 a kasa bakwai: kowane namiji 2,400,000, kowace mace 1,200,000.

Wanda abin ya fi shafa shi ne jikan, kuma shi nake tausaya wa. Mahaifinsa ya rasu kafin kakansa, baffanninsa sun katange shi daga gado. Wasiyya ce kaɗai ƙofarsa, abin da aka rubuta masa kuma bai kai sulusi ba, wato 3,200,000. Da kakan ya kira mutum biyu bayan sallar Magariba, da yaron ya karɓi miliyan ɗinsa kafin a raba komai.

A ganina lauyan da ya tsaya a "kotu ba za ta karɓa ba" bai gama aikinsa ba. Ya kamata ya gaya wa magada cewa duk baligi mai hankali a cikinsu yana iya cika burin mahaifinsa daga nasa kason, a matsayin kyauta daga gare shi. Ba za a taɓa kason ƙaramin yaro ba, ba kuma za a matsa wa 'yan'uwa mata su yafe don kunya ba. Wanda ya yarda ya faɗa a gaban alƙali, a rubuta, shaidu su sa hannu, a damƙa wa waliyyin marayan kuɗin.