Idan Farashi Bai Motsa Ba, Me Ya Sa Za A Sake Aika Shi?

A ce wata ƙungiyar 'yan kasuwa tana tattara farashin hatsi daga kasuwanni irin su Dawanau a Kano. Kullum da asuba kwamfuta kan fitar da jadawali mai layi 420, ta ɗora shi a shafin ƙungiyar, ta kuma tura wa mambobi. Wata ranar babu abin da ya motsa, amma sai a sake tura jadawalin jiya. Datar mutane ta tafi a banza, kuma a hankali su daina buɗe saƙon, har ranar da masara za ta yi tsalle ba su gani ba.

Maganin shi ne kwamfutar ta gwada na yau da na jiya kafin ta wallafa. Hanya mafi sauƙi ita ce ƙirga layuka da umarnin `wc -l`. Idan jiya 420 ne, yau 425, lallai an sami ƙari. Amma idan adadin ya zo ɗaya, wannan bai tabbatar da komai ba, domin buhun gero na iya tashi a layi na 37 ba tare da an ƙara ko an rage layi ba. Inda ƙirgen ya fi amfani shi ne kama fayil da ya yanke a hanya, ya iso da layi 12 kacal.

Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce buga wa fayil tambari na lissafi. Tsarin SHA-256 yana karanta fayil gaba ɗaya, ya fitar da jerin haruffa da lambobi 64. Sauya sifili ɗaya a ciki, tambarin ya koma wani daban.

Wannan tsananin nasa kuma shi ne tarkonsa. Idan layin farko na ɗauke da lokacin da aka fitar da fayil, ko layukan suka zo a hargitse, tambari zai bambanta kullum alhali farashi na nan yadda yake. Alamar matsalar ita ce a yi wata guda kwamfutar ba ta tsallake ko rana ɗaya ba. Don haka a cire layin lokacin, a jera sauran, sannan a buga tambarin:

```
tail -n +2 farashi.csv | sort | sha256sum > sabo.txt
cmp -s sabo.txt tsoho.txt
```

In sun dace, a bar wallafawa. In sun saɓa, a wallafa, kuma kada `sabo.txt` ya maye gurbin `tsoho.txt` sai wallafar ta kammala. Wanda ya riga ya adana tambari sannan sabis ya ɗauke, gobe kwamfutarsa za ta ɗauka an riga an tura.

Ko ranar da aka tsallake, a rubuta cewa an duba. Tambari ɗaya kwana goma a jere lokacin kaka, sa'ad da sabon hatsi ke shigowa kasuwa, ya isa a kira mai tattara farashin a ji ko lafiya.