Awara Daga Madafin Gida: Yadda Kwano Ɗaya Ke Zama Jari

Da la'asar sakaliya, a unguwannin Kano da Zariya da Maraɗi, ba ka rasa ƙofar gidan da yara suka yi cirko-cirko, kowa da 'yan canjinsa a hannu, ana jiran awara ta fito daga mai. Matar da ke soyawa a ciki ba ta kama hayar shago ba. Da tukunyar gidanta da kaskon suya da ƙyallen tata ta fara, sai kwano ɗaya na waken suya.

Abin da ya sa awara ta dace da mai ƙaramin ƙarfi ke nan: kusan duk kayan aikin suna madafi tun tuni, kuma kuɗin da aka zuba da safe yakan dawo kafin isha'i.

Aikin kansa yana son kula. Ana tsince waken, a jiƙa shi kamar awa shida zuwa takwas, amma a lokacin bazara a rage, don zafi na sa shi tsami tun kafin a kai inji. In an markaɗo, sai a ƙara ruwa a tace, a ɗora madarar a wuta. A nan ne sabuwar hannu ke fara asara, domin madarar waken suya kumfa gare ta, da an juya baya ta tafaso ta zube a murhu. Idan ta tafasa sai a riƙa zuba ruwan tsami kaɗan-kaɗan, wato ruwan da aka tsiyaye daga kan gasarar koko, wasu kuma da ruwan tsamiya suke yi. Alamar ya isa ita ce awarar ta dunƙule ta taso, ruwan da ke gefe ya washe. In har yanzu fari ne kamar madara, akwai sauran awara a cikinsa, zubar da shi zubar da riba ne. In kuma tsamin ya yi yawa, sai ta yi tauri, ta ƙi auki. Daga nan a juye a ƙyalle, a ɗaure, a danne da dutse ruwan ya tsane, sannan a yanka.

To amma iya girki daban, iya sana'a daban. Matar da ta saba ciyar da iyali da ido take awo, ita kuwa sana'a lissafi take so.

A ƙaddara, a matsayin misali kawai tunda farashi ba ya zama wuri ɗaya, ta sayi kwanon wake naira 2,000, markaɗe 200, itace 500, mai 1,000, yaji da albasa da leda 300. Ta kashe 4,000 ke nan. Idan ta fitar da yanka 100 ta sayar naira 50 kowanne, ta haɗa 5,000, ribarta 1,000. Wato yanka 80 na farko duk na uwar kuɗi ne, 20 na ƙarshe kaɗai ne nata. Yanzu a ce yaran gida sun ci biyar, ta aika wa maigida biyar, maƙwabciya ta aiko, "Maman Ummi, a ba ni ta ɗari biyar, gobe in Allah ya kai mu." Ribar ranar ta tafi ƙurmus, ita kuwa tana ganin ciniki ya yi kyau tunda kasko ya ƙare. Sai bayan mako biyu ta nemi kuɗin wake ta rasa, a ce wai sana'ar ce ba ta karɓe ta ba.

Masu daɗewa a harkar ba su hana yaransu ci, ƙirgawa suke yi. Da an tashi daga ciniki sukan ware kuɗin waken gobe a ajiye daban, ba a taɓa shi ko don cefane. Girman yanka ma ba ya canzawa. Wuƙa ta ɗan karkace, yanka 100 ya koma 85.

Mai shi ne ya fi cin kuɗi bayan wake. Awarar da aka jefa a man da bai yi zafi ba shanye shi take yi, haka ma wadda ba ta tsane ba. Dusar da ta rage a ƙyalle kuwa masu kiwo na sayenta.

Ɗanyar awara ba ta jure kwana a zafi in babu firji, takan yi santsi da wari. Shi ya sa ba a ƙara kwano na biyu sai an ga na farko yana ƙarewa da wuri kwanaki a jere, ana dawowa ana tarar da babu. Wadda ta kai wannan mataki takan shiga adashe, in ta kwasa a lokacin kaka, sa'ad da sabon wake ya shigo kasuwanni irin su Dawanau farashi ya sauka, sai ta sayi na wata guda ko biyu ta adana a inda danshi ba ya kaiwa.