Auduga, Fil da Hannun Likita: Yadda Ake Auna Raunin Laka

Idan aka kwantar da wanda ya karye a wuya ko a gadon baya, dangi kan zuba ido a kan ƙafafunsa ko za su motsa, su kuma matsu a fito da hoton ƙashi. Likita kuwa sai ya zo da ɗan ɓarin auduga da fil da safar hannu. Hoto yana nuna inda ƙashi ya karye, amma sanin abin da ya rage na aikin laka sai an bi jiki gaɓa-gaɓa.

Laka ita ce igiyar jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta cikin ƙashin baya. Saƙon motsi ta cikinta yake sauka, saƙon ji kuma ta cikinta yake hawa. An kasa ta matakai 31, kowanne da alamarsa: takwas na wuya, C1 zuwa C8; goma sha biyu na ƙirji, masu harafin T; biyar na ƙugu, masu L; biyar na ƙasan ƙugu, masu S; sai guda a can ƙarshe. Kusan kowane mataki da yankin fatarsa, wasu kuma da tsokar da ake gane su da ita. Tsarin gwajin da ake bi a duniya, ƙungiyar masana raunin laka ta Amurka, ASIA, ta fara fitar da shi a 1982, ma'aunin tsananin raunin kuma ya samo asali daga wanda Dakta Hans Frankel na asibitin Stoke Mandeville a Ingila ya wallafa a 1969.

Mu ƙaddara wani matashi ɗan acaɓa ne mota ta buge, ya karye a wuya. Yana kwance rigingine, hankalinsa garau, amma ƙafafu ko ɗis.

Da ji ake farawa. Likita zai sa shi ya rufe ido, ya shafa masa auduga a kumatu don ya san yadda ji na ƙwarai yake, sannan ya bi wurare 28 a kowane gefen jiki. Babban yatsan hannu na C6 ne, na tsakiya C7, ƙaramin C8. Layin kan nono T4 ne, cibiya T10, gefen diddige na waje S1. Inda ya ji kamar na fuska maki 2, inda jin ya dusashe ko ya sauya maki 1, inda babu komai sifiri. Sai a maimaita da fil, wani sa'in tsinin, wani sa'in gindin. Wanda ya ji an taɓa shi amma ya kasa bambance tsini da gindi, sifiri ne a gwajin fil. Matashin namu ya ji daidai har babban yatsan dama, na tsakiya ya dusashe, don haka matakin jinsa na dama C6 ne. A hagu ya kai yatsan tsakiya lafiya, wato C7.

Akwai tarko a nan. Fatar da C4 ke kula da ita takan sauko daga kafaɗa har saman ƙirji. Mai gaggawa da bai gwada hannuwa ba zai ga mutum yana ji a ƙirji, ya ɗauka raunin na baya ne, alhali a wuya yake.

Daga nan sai motsi: tsoka goma a kowane gefe, biyar a hannu, biyar a ƙafa. Lanƙwasa gwiwar hannu na C5 ne, ɗaga wuyan hannu C6, miƙe gwiwar hannu C7, lanƙwasa kan yatsan tsakiya C8, ware ƙaramin yatsa T1. Na ƙafa sun tashi daga ɗaga cinya, L2, zuwa danna tafin ƙafa, S1. Maki daga sifiri zuwa 5 ne, amma 3 ne kan iyaka: tsoka ta kai gaɓa ƙarshen motsinta tana ɗauke da nauyin gaɓar, ko da ba za ta jure turin likita ba. Matakin motsi shi ne tsoka mafi ƙasa da ta sami aƙalla 3, muddin duk na samanta 5 ne. A hannun dama matashin ya sami 5 a C5, 3 a C6, 1 a C7, ke nan matakinsa C6. A hagu C5 da C6 sun cika 5, C7 ta sami 3, matakin ya zama C7. Dole likita ya riƙe wuyan hannu kafin ya gwada yatsa, domin ɗaga wuyan hannu kaɗai yakan ja yatsu su dunƙule, a zaci C8 na aiki. Tsakanin T2 da L1 kuwa babu tsokar da ake ba maki, sai a bi matakin ji.

Yanzu an sami matakai huɗu: ji dama da hagu, motsi dama da hagu. Wanda ya fi kusa da kai shi ake rubutawa a matsayin matakin rauni, a nan C6. Ba lalle ya dace da ƙashin da ya karye ba, domin laka ta fi ƙashin baya gajarta. A jikin baligi takan ƙare wajen ƙashin ƙugu na ɗaya ko na biyu.

Saura gwajin da ya fi nauyi ga majiyyaci, wanda kuma shi ke yanke hukunci. Matakan ƙarshe, S4 da S5, su ke kula da dubura. Idan saƙo ya tashi daga can ya isa ƙwaƙwalwa, to ya ratsa ta wurin raunin, ashe hanya ba ta toshe duka ba. Bayan bayani da neman izini, likita zai gwada auduga da fil a fatar wurin, ya sa yatsa cikin safa ya danna a hankali ya tambaya ko an ji, sannan ya ce a matse kamar mai riƙe bahaya. Sai ya lura, kada matsewar ɗuwawu ko zaburar tsoka da kanta ta ruɗe shi.

Idan babu ji, babu matsewa, rauni cikakke ne, rukunin A. Wannan ba ya nufin lakar ta tsinke gida biyu. Sau da yawa ƙujewa ta yi. Matashin namu ya ji dannawar amma bai iya matsewa ba, kuma babu abin da ke motsi ƙasa da hannuwa, saboda haka rukunin B ne: ji ya tsira, motsi bai tsira ba. Da babban yatsan ƙafarsa zai ɗan motsa da nufinsa, ya koma C. Tsokokin gwaji da ke ƙasa da C6 guda 16 ne. Ranar da takwas suka kai maki 3, ya shiga D. Rukunin E na wanda komai ya dawo masa daidai ne.

A sa'o'in farko laka takan yi wani irin suma, ga ciwo, ga maganin barci, ga karaya a wasu gaɓoɓi, duk suna ɓata sakamako. Shi ya sa gwajin bayan awa 72 ya fi abin dogaro, kuma ake maimaitawa. Matakin da ya haura daga C6 zuwa C4 alamar haɗari ce, domin jijiyar numfashi daga C3 zuwa C5 take fitowa. Yawancin masu rukunin A ba sa komawa tafiya, amma masu B da ke bambance tsinin fil sun fi samun dawowar motsi a kan masu jin auduga kaɗai.

Don haka mai jinya, maimakon ya tsaya kan tambayar ko ɗan'uwansa zai tashi, ya tambayi abu uku: wane mataki, wane harafi, kuma me ya sauya daga gwajin baya.