Gargaɗi ga Matan Gaya da Ajingi: In Walƙiya Na Gilma Miki Kafin Ciwon Kai, Dakata da Ƙwayar Tazarar Haihuwa

'Yan uwana mata na Gaya da Ajingi, daga Kademi da Shagogo har Toranke da Balare, da ku magidanta da masu kemis, ku karanta wannan, ku karanta wa wadda ba ta iya ba. Akwai ciwon kai da bai kamata a haɗa shi da ƙwayar tazarar haihuwa ta wata-wata ba ko sau ɗaya, domin haɗin yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki, ko da mace yarinya ce ɗanya shakaf.

Ciwon ɓarin kai nake nufi, wanda yake kama gefe guda yana sara kamar ana daka, ga tashin zuciya, haske da hayaniya suna ƙara shi, har mace ta ɗaure kai da ɗankwali ta shige ɗaki mai duhu. Wasu matan yakan aiko musu da ɗan aike kafin ya iso. Ki ga walƙiya ko zane mai lanƙwashe-lanƙwashe yana rawa a idonki, ko wani sashe na abin da kike kallo ya ɓace, ko hannu da gefen baki su yi zugi su mutu, ko magana ta sarƙe miki. Abin yakan ɗauki minti 5 zuwa awa 1 ya wuce, sannan ciwon ya sauka. Da yawa cikinmu mukan ce jiri ne ko iska, mu yi hayaƙi mu kwanta.

Idan kina ganin wannan ɗan aiken, Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana ki shan ƙwaya mai sinadarin estirojin, komai shekarunki. Wannan ita ce irin su Microgynon da Combination 3 da Levofem, masu ƙwaya 21 kala ɗaya da 7 masu launin ƙasa a ƙarshen kati. Estirojin yana sa jini saurin daskarewa, shi kuma ciwon mai walƙiya dama yana taɓa jijiyoyin ƙwaƙwalwa. In aka ƙara da hawan jini ko shan taba, haɗarin ya ƙara hawa. Kada ki haɗiyi ta daren yau. Gobe da safe ki ɗauki katin ƙwayar ki kai ɗakin tazarar haihuwa na asibitin da ya fi kusa da ke, ki ce wa malamar asibiti: "Ina ganin walƙiya kafin kaina ya fara ciwo." Kafin a canza miki, ku yi amfani da kwaroron roba, don daga ranar da kika daina ciki zai iya shiga. Ba a rufe miki ƙofar tazara ba. Akwai Microlut, akwai allurar wata uku, akwai ashana ta damtse, akwai robar mahaifa, duk babu estirojin a cikinsu. Ita ma wadda ciwonta ba ya zuwa da walƙiya, in ta kai shekara 35, a sake mata wata hanya.

Yawancin mata ba su da walƙiyar nan. Abin da ke wahalar da su shi ne ciwon da ke bin jinin al'ada. Gab da zuwan jini estirojin ɗin jiki yana faɗuwa, faɗuwar ce ke tayar da ciwon, galibi daga kwana 2 kafin jini zuwa rana ta 3 da zuwansa. Yakan fi na sauran ranaku tsanani da daɗewa. Mai shan ƙwaya kuma takan gamu da shi a makon masu launin ƙasa, don waɗancan 7 ɗin babu sinadarin a cikinsu. Abin da ke ci min rai shi ne yadda mace za ta yi shekaru duk wata tana shan maganin maleriya da taifot ba tare da gwaji ba, alhali ciwon yana da ranarsa kamar kasuwa.

Gano ranar ba shi da wuya, domin kowace mace dama tana lissafin kwanakin da ta ajiye salla. Ki samu littafi ko kalanda ta bango. Ranar da jini ya zo ki yi da'ira, ita ce rana ta 1. Duk ranar da kai ya yi ciwo ki ja layi: ɗaya in kin iya girki, biyu in da ƙyar kika yi, uku in kwanciya kika yi. In walƙiya ta riga shi, ki zana tauraro. Ranar da kika sha maganin ciwo ki ɗiga ɗigo. Mai shan ƙwayar tazara ta yi alama a ranar da ta fara masu launin ƙasa. Wannan ba ya buƙatar boko ko ajami. Ki yi wata 3 cur, kuma ki rubuta a ranar, kada ki bari sai ƙarshen wata, don mantuwa takan rage kwanaki.

Mu ɗauki misalin mace mai shekara 29 da 'ya'ya uku. A watan farko jini ya zo ran 10, ciwo ya kama ta ran 8 da ran 9 da layi uku-uku. A wata na biyu jini ya zo ran 7, ciwo ran 7 da ran 8. A na uku ciwon bai zo da jini ba, sai wata rana a tsakiya da ta wuni a gidan biki cikin rana ba ta ci komai ba. Wata biyu cikin uku sun faɗa tsakanin kwanakin nan biyar, kuma wannan shi ne ma'aunin da likitoci ke bi su ce ciwon na al'ada ne. Babu tauraro ko ɗaya a littafinta, don haka in awon jininta lafiya yake, za a zauna da ita a duba ko ta ci gaba da ƙwayar ko a canza. Tunda ta san ranarta, za ta iya shan ibuprofen 400mg bayan ta ci abinci da zarar ciwon ya leƙo, maimakon ta jira sai ya kayar da ita. Likita na iya tsara mata naproxen na 'yan kwanaki tun kafin jinin ya zo. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko juna biyu kada ta taɓa waɗannan biyun. Da a ce tauraro ɗaya ya fito a littafin, da zancen ƙwayar nan ya ƙare a ranar, ba sai an cika wata 3 ba.

Ki ƙirga ɗigon ma. In kina shan farasitamol ko ibuprofen kwana 15 a wata, ko tiramol da masu haɗin sinadarin kafeyin kwana 10, maganin da kansa zai koma haddasa ciwon kai na kullum.

Masu kemis, don Allah kafin ku miƙa katin nan ku tambaya ko tana ganin walƙiya, ku auna jininta. In maigida ne ya zo saye, ku aika shi da tambayar.

Akwai alamun da ba a jiran littafi a kansu: baki ya karkace, hannu ko ƙafa su saki, magana ta ƙi fita, gani ya ɗauke fiye da awa 1, ko ciwon kai ya faɗo farat ɗaya irin wanda ba ta taɓa ji ba, ko ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko ya kama mai ciki ko mai jego. Maigida, a nemi mota a wannan sa'ar zuwa Babban Asibitin Gaya, a tafi da katin ƙwayar a hannu. In suka tura ku Kano, Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, ku wuce kai tsaye, kada ku koma gida ku kwana.