Nanomita tara da suka ɓace

A kusan kowane tulin rahotannin gwaji da malamin fiziks zai duba, akwai wata jimla da ba ta faɗuwa: “Sakamakonmu ya ɗan bambanta da na littafi saboda kuskuren ɗan'adam.” Jimlar ba ta gaya wa kowa komai. Wane ɗan'adam ne, a wane mataki ya kuskure, kuma kuskuren ya kai nawa? Gwajin auna tsawon zangon haske da giratin yana cikin waɗanda ba su bar wa ɗalibi wannan mafaka ba, domin lambobin da ya rubuta da hannunsa sukan nuna inda matsalar take idan ya zauna ya tambaye su.

Giratin ɗan gilashi ne ko leda mai ɗauke da layuka ɗaruruwa a kowace milimita, waɗanda ido ba ya iya rarrabewa. Idan haske ya ratsa shi, sai ya fito a wasu kusurwoyi ƙayyadaddu, hagu da dama, kuma girman kusurwar ya danganta ne da launin hasken. Joseph von Fraunhofer ya yi amfani da irinsa a Jamus a 1821, da siraran wayoyi da ya jera, ya auna zangon haske. Ƙa'idar da ɗalibai ke aiki da ita gajera ce: d sin θ = nλ. A nan d shi ne tazarar da ke tsakanin layi da layi, θ kusurwar da aka auna, n matakin hasken, na ɗaya ko na biyu, λ kuma tsawon zangon da ake nema. Fitilar da aka fi amfani da ita ta sodiyam ce, mai launin ruwan ɗorawa irin na tsofaffin fitilun titi. Haskenta layi biyu ne maƙwabta, nanomita 589.0 da 589.6, shi ya sa littattafai ke ba da tsaka-tsakinsu, 589.3.

A ce wata ɗalibar aji ɗaya a jami'a ta yi gwajin. Takardar umarni ta ce giratin ɗin yana da layi 600 a milimita, wato d ya zama nanomita 1,666.7. Ta juya madubin hange na na'urar zuwa hagu, ta sami layin ruwan ɗorawa a digiri 20 da minti 23. A dama ta same shi a digiri 20 da minti 21. Tsaka-tsaki, digiri 20 da minti 22, ya ba ta nanomita 580.0. A mataki na biyu tsaka-tsakin ya zo digiri 44 da minti 7, wanda ya ba ta 580.1. Littafi ya ce 589.3. Nanomita tara da ɗoriya sun ɓace.

Abin da yawancin ɗalibai ke yi a nan shi ne su raba giɓin da lambar littafi, su sami kashi 1.6 cikin ɗari, su rubuta cewa gwaji ya yi nasara tunda bambancin kaɗan ne. To, kaɗan idan an gwada shi da me? Ma'aunin na'urar da ta yi aiki da ita yana karanta kusurwa har zuwa minti ɗaya, wato kashi ɗaya cikin sittin na digiri. A wannan kusurwa ta digiri 20, kuskuren minti ɗaya yana motsa sakamako da kusan rabin nanomita. Ko da an yi mata sassauci an ce idonta da hannunta sun iya kaucewa da minti biyu, sakamakonta 580 ne, da yiwuwar ƙari ko ragin nanomita ɗaya. Giɓin ya ninka wannan sau tara. Don haka amsar gaskiya ita ce sakamakonta bai dace da na littafi ba, komai ƙanƙantar kason. Bambancin da Lord Rayleigh ya gani tsakanin nauyin iskar naitirojin da aka tace daga sararin sama da wadda aka haɗa daga sinadarai kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari ne kawai. Ya ƙi kawar da kai saboda ya san awonsa ya fi haka kyau, kuma a 1894 shi da William Ramsay suka gano iskar argon a cikin wannan giɓi. Ɗalibarmu ba sabon sinadari za ta gano ba, amma tambayar da ke gabanta iri ɗaya ce da tasa.

Daga nan sai a kira waɗanda ake zargi ɗaya bayan ɗaya, a yi wa kowanne tambaya biyu: zai iya kawo giɓi mai wannan girma, kuma zai tura sakamako sama ne ko ƙasa?

Na farko shi ne karatun ma'auni a ɗaki mai duhu. Don ta sami 589.3 da giratin mai layi 600, kusurwar mataki na ɗaya sai ta kasance digiri 20 da minti 42, ta mataki na biyu kuma digiri 45 cif. Ke nan sai ta yi kuskuren minti 20 a wuri ɗaya da minti 53 a ɗayan, duka zuwa ɓangare guda, alhali karatunta na hagu da dama minti biyu kacal ya raba su. Rawar hannu ba ta yin haka. Takan watsa lambobi sama da ƙasa, nata kuwa a tattare suke. Idan kuma sifirin na'urar ne bai zauna daidai ba, abin da ya ƙaru a hagu shi zai ragu a dama, ɗaukar tsaka-tsaki ya riga ya share shi.

Na biyu shi ne wanda ɗalibai suka fi so su ɗora wa laifi, wato giratin bai fuskanci hasken sak ba. Wannan dalili ne na gaske, amma yana barin sawu. Da giratin ɗin ya karkace da digiri biyu, da kusurwar hagu da ta dama sun bambanta da kusan minti 16, kuma ba a ga haka a teburinta ba. Abin da ya fi wannan ƙarfi shi ne karkacewa kullum ƙara tsaka-tsakin kusurwar take yi, ba ta rage shi, don haka zangon da za a lissafa sai ya fi na littafi tsawo. Nata ya gaza ne. Duk wanda ya rubuta karkacewa a matsayin dalilin sakamakon da ya yi ƙasa, ya nuna wa malami cewa ya kwafo jerin dalilai ne bai gwada su da lambobinsa ba.

Saura d, lamba ɗaya tilo a lissafin da ɗalibar ba ta auna da kanta ba. Ta karɓe ta ne daga takarda. Alamar kuwa tana nan a fili: matakan biyu sun yarda da juna, 580.0 da 580.1, kuma duka sun gaza da kashi ɗaya tak. Haka ƙaramin mudu yake, ko sau nawa aka auna da shi amsa ɗaya zai bayar, kuma kowane awo zai kauce da kaso guda. Idan aka juya lissafin, aka ɗauki 589.3 a matsayin sananne aka nemi yawan layuka, sai a sami kusan 590.6 a milimita. A ninka da 25.4, yawan milimita a inci ɗaya, sai ga layi kusan 15,000 a inci. Wannan kuwa adadi ne da ake yawan bugawa a jikin giratin na ɗakunan gwajin makarantu, musamman tsofaffi. Abu ne mai sauƙi wani ya ga 15,000 a inci ya ce ai kusan 600 ne a milimita, ko kuma a musanya gilashi a akwati a bar takardar umarni yadda take.

Da wannan a hannu, kammalawarta za ta iya zama kamar haka:

“Na auna tsawon zangon hasken sodiyam na sami nanomita 580, da yiwuwar ƙari ko ragin 1. Lambar da aka amince da ita 589.3 ce. Giɓin nanomita 9, wato kashi 1.6 cikin ɗari, ya ninka iyakar kuskuren awona kusan sau tara, don haka sakamakon bai dace da ita ba. Kuskuren karatu ba zai bayyana shi ba, tunda yana bukatar kaucewar minti 20 a mataki na ɗaya, alhali hagu da dama sun dace cikin minti biyu. Karkacewar giratin za ta ɗaga sakamakon ne, ba za ta rage shi ba. Matakan biyu sun gaza da kaso iri ɗaya, abin da ke nuni ga tazarar layuka. Kusurwoyina sun yi daidai da giratin mai layi 15,000 a inci, ba 600 a milimita ba. Za a iya tabbatarwa ta hanyar duba rubutun jikin giratin da kuma auna wani layin haske da aka san zangonsa.”

A lura ba ta goge 580 ta rubuta 589 ba. Akwai tarko a nan da har ɗalibai masu ƙoƙari ke faɗawa. Mutum ya yi amfani da 589.3 ya fitar da sabon d, sannan ya mayar da sabon d ɗin cikin ƙa'ida, ya sami 589.3, ya ce ya tabbatar da littafi. Bai tabbatar da komai ba, abin da ya zuba ne ya kwaso. Abin da ya yi a zahiri shi ne auna giratin da hasken sodiyam, kuma wannan aiki ne mai kyau matuƙar an kira shi da sunansa. Shi ya sa kalmar “nuni” ta fi dacewa a kammalawar fiye da “tabbas”, har sai an sami shaida daga wani wuri.

Shaidar ba ta da wuyar samu. Fitilar zaiba tana da koren layi mai ƙarfi a nanomita 546.1. Idan zargin ɗalibar daidai ne, auna shi da giratin ɗin nan tare da lissafin layi 600 zai ba da kusan 537.5, gazawar kashi 1.6 ɗin dai. Idan ya ba da 546, to zargin ya rushe, sai a koma kan na'urar. Kammalawar da ta faɗi lambar da take tsammani kafin a auna ta fi wadda ta ce “a ƙara kula nan gaba” daraja nesa ba kusa ba, kuma a ganina ta cancanci maki fiye da rahoton da ya faɗa kan 589 ba tare da ya faɗi iyakar kuskurensa ba.

Wani lokaci ma lambar da ake gwadawa da ita ce ke da matsala. Ɗakunan gwaji da yawa yanzu suna amfani da ƙaramar jar leza maimakon fitilar sodiyam, ɗalibi kuma ya buɗe littafi ya ɗauko 632.8. Wannan lamba ta lezar iskar hiliyam da niyon ce. Ƙananan lezoji masu batir galibi suna wajen 650, kuma zangonsu yakan ɗan bambanta daga wata zuwa wata, yakan kuma motsa idan sun yi zafi. Ɗalibin da ya auna 652 da irin wannan leza, ya rubuta cewa ya yi kuskuren kashi uku cikin ɗari, ya zargi awon da wataƙila ba shi da laifi. Abin da ya kamata ya bayyana a kammalawarsa shi ne irin lezar, da lambar da ke kan takardar da aka manna a jikinta, da kuma tazarar da masu ƙera ta suka ce zangon zai iya faɗawa a ciki.